Lambobi Uku A Jikin Jakar Barci: Wacce Za A Gaskata?

Duk jakar barcin da aka yi wa gwaji na ƙa'ida tana ɗauke da lambobi uku, amma kamfanoni da yawa ta tsakiya suke bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Sai mai saye ya ga an rubuta -6, ya ɗauka zai yi barci har da minshari a daren da sanyi ya kai digiri 6 ƙasa da sifiri. Ba haka abin yake ba.

Lambobin suna fitowa ne daga wani ma'auni na Turai mai suna EN 13537, wanda ISO 23537 ya gaje shi a 2016. Ba mutum ake sawa a jakar ba. Mutum-mutumi ne mai ɗumama kansa da lantarki, a kwantar da shi cikin ɗaki mai sanyi, a auna yawan zafin da ke sulalewa daga jikinsa.

A ɗauki jakar da aka rubuta mata Comfort 0, Limit -6, Extreme -23. Ta farko ita ce sanyin da mace mai nauyin kilo 60 za ta yi barci a miƙe ba tare da ta takura ba. Ta biyu kuma ta namiji ce mai kilo 70, wanda zai iya kai awa takwas yana barci, amma a dunƙule, gwiwa a ƙirji, yana kokawa da sanyi. Ta ukun ba maganar barci ba ce sam: tana nufin macen za ta iya kai awa shida ba ta mutu ba, tana rawar ɗari, wataƙila ma yatsunta su daskare. Ni dai da za a ji tawa, da an daina buga ta, don ruɗar mai saye kawai take yi.

To, a ce mutum zai kwana a kan tsaunin Bagzan da ke yankin Agadas a watan Janairu, kuma ana hasashen sanyin asuba zai taɓa sifiri. Wannan jaka ta yi masa daidai wa daida, babu rara. In kuwa ramamme ne, ko ya manyanta, ko ya wuni yana hawan dutse bai ci abin kirki ba, gara ya nemi wadda lambarta ta farko ta kai -5. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi, jikinsa bai saba da irin wannan sanyi ba, ya yi lissafi da lambar farko ko da namiji ne ƙato. Jakar gwanjo kuwa, a rage mata daraja: in ta daɗe a matse, abin da aka cusa mata ya kwanta, lambar jikinta ta zama tarihi. A zazzage ta a bar ta minti ashirin. In ba ta kumbura ba, a bar wa mai ita.

Akwai abin da kwali ba ya faɗa. Mutum-mutumin nan a kan shimfiɗa mai kauri yake kwance, wadda ƙarfin tare sanyinta, abin da ake rubutawa R, ya kusa 5. Ɓangaren jakar da ke ƙarƙashinka nauyinka ya danne shi, ba ya tare komai. Wanda ya shimfiɗa tabarma a kan dutse ya fita daga lissafin gaba ɗaya. Alamar a fili take: in baya da kwankwaso ne suka yi sanyi alhali ƙirji na da ɗumi, laifin shimfiɗa ne, jakar ba ruwanta.

Sannan ba tsirara ake gwada shi ba, yana sanye da riga mai dogon hannu, dogon wando da safa. Saboda haka zancen da ake yi wai kwana ba riga ya fi ɗumi, ba shi da tushe. Jakar kamar fulas take, zafin da aka zuba mata take riƙewa, kuma kowace riga busasshiya ƙarin shinge ce. Sharaɗin shi ne ta zama busasshiya. A ware kayan barci daban, na ulu ko na roba, a tuɓe waɗanda aka yi gumi da su. Auduga tana shan gumi ta riƙe, can tsakar dare ta koma tana zuƙe ɗumin jiki. A sa safa mai kauri wadda ba ta matse ƙafa, da hular sanyi, a ja igiyar wuyan jakar.

Ƙari yana da iyaka. In aka jibga kaya har jakar ta ɗame a kafaɗa da gwiwa, an matse iskar da ke riƙe ɗumin, nan ne kuma sanyi zai shigo. Rigar sanyi mai kauri gara a lulluɓa ta a kan ƙirji. Hanci da baki kuma su kasance a waje, domin tururin numfashi yana jiƙa jakar daga ciki, musamman mai gashin agwagwa, wadda ba ta riƙe ɗumi da zarar ta yi laima.