Kwana bakwai kafin sabon kambas ya shiga kasuwa

Ranar da kamfanin takalma ya saki hoton farko na sabon kambas, takalmin ya riga ya yi watanni da gamawa. An ɗinke shi a masana'antun Biyetnam, Indunusiya ko Sin, an loda a jirgin ruwa, yana jibge cikin kwalaye a ɗakin ajiya. Ko ƙafa ɗaya ba za a iya ƙarawa ba a cikin makon. Saboda haka abin da masu talla ke sarrafawa a kwanaki bakwai ɗin nan labari ne, kuma suna tsakuro shi ne kaɗan-kaɗan, yadda mai tsire ke miƙa maka ɗanɗano a bakin wuƙa ya sa ido ya ga ko za ka tsaya.

Mu ɗauka ranar Asabar za a fara sayarwa, domin ita ce ranar da Nike ta saba sakin manyan takalman Jordan a Amurka, da ƙarfe goma na safe agogon New York. Ran Lahadin da ta gabace ta sai a saki abu guda tak: inuwar takalmin a cikin duhu, ko wani ɓangare na dunduniya, da kwanan wata a ƙasa. Babu suna, babu farashi. Kwanan watan nan shi ne ƙashin bayan aikin. Hoto mai duhu da ba ya ɗauke da rana yakan burge mutum ya wuce abinsa, amma idan aka ce masa Asabar, an ba shi abin lissafi.

Litinin da Talata ranakun matso da kyamara ne. Yau a nuna irin fatar, gobe ɗinkin gefe ko zanen da ke ƙasan takalmin. A nan ne gwani ke bambanta da mai koyo, domin dole abin da aka nuna ya zama wanda zai sa a yi gardama. Kambas ɗin Air Jordan 1 da mawaƙi Travis Scott ya yi da Nike a 2019 misali ne mai kyau. An juya tambarin Nike da ke gefen takalmin ya fuskanci baya, an kuma ɓoye ɗan aljihu a wuyansa. Tambarin da aka birkita ya isa talla shi kaɗai, don duk wanda ya gani sai ya tambaya: kuskure ne, ko da gangan? Takalmin da ba shi da irin wannan abu, sai sabon launi kawai, ba zai iya ɗaukar nauyin kwana bakwai ba, komai kyawun hotunan. A ganina rabin makonnin zumuɗin da ke mutuwa a hanya daga nan suke mutuwa.

Laraba ake ganinsa a ƙafar mutum. An riga an aika wa 'yan ƙwallo, mawaƙa da masu ɗimbin mabiya nasu, tare da sharaɗin kada su nuna sai ranar da aka yanka. Alhamis kuma a yaye mayafi gaba ɗaya: suna, hotuna ta kowace kusurwa, farashi, lambobin da za a samu, da shagunan da za su sayar. Na Travis Scott dala 175 aka sa masa, ya fita ranar Asabar 11 ga Mayu, 2019. Ba a kai bayanin farashi zuwa jajibiri, domin mai saye yana buƙatar kwana ɗaya ko biyu ya haɗa kuɗinsa. Juma'a tunatarwa ce kawai da bayanin yadda za a saya.

Akwai wani aiki da makon ke yi wanda mai kallo ba ya gani. A manhajar SNKRS, wadda Nike ta fito da ita a 2015, kowane takalmi mai zuwa yana da maɓallin "Notify Me", wato a sanar da ni idan lokaci ya yi. Duk wanda ya danna ya ƙirga kansa. A ce kamfani yana da ƙafa 5,000, zuwa daren Alhamis kuma mutum 60,000 sun danna. Ke nan mutum goma sha biyu ke neman kowace ƙafa. Idan aka ce wanda ya riga shi ya samu, kayan za su ƙare cikin daƙiƙoƙi, kuma akasarinsu za su faɗa hannun 'yan baranda masu amfani da manhajojin da ke cike oda da sauri fiye da yatsan ɗan Adam. Irin wannan kaya ƙuri'a ta fi dacewa da shi: a buɗe ƙofa na mintuna kamar goma, kowa ya zaɓi lambarsa ya shigar da katin banki, sannan a zaɓo masu rabo. Wanda ya dace sai ya ga "Got 'Em" a fuskar wayarsa. Idan kuwa mutum 4,000 ne kacal suka danna, kamfanin ya san da sauran aiki, sai ya ƙara kuɗin talla ran Juma'a, kuma ba zai yi gangancin cewa kayan kaɗan ne ba.

Ƙuri'ar nan tana da tarihi. A Fabrairun 2005, Nike ta fitar da Pigeon Dunk tare da mai zane Jeff Staple, ƙafa 150 kacal. Matasa suka yi kwanaki a layi a ƙofar shagonsa na Reed Space a New York, ranar sayarwa aka yi turmutsitsi har sai da 'yan sanda suka shigo, washegari labarin ya hau shafin farko na jaridar New York Post. A Disambar 2011 ma an yi hargitsi a manyan shagunan Amurka kan Air Jordan 11 Concord. Ɗokin da aka kwana bakwai ana hura masa wuta dole ya sami inda zai sauka, kuma ƙofar shago ɗaya ba ta iya ɗaukarsa.

Babban abokin gaban tsarin shi ne tsegumi. Hotuna kan fita daga masana'anta watanni kafin lokaci, har masu jabu su riga na ainihi shiga kasuwa. Manyan kamfanoni sun koyi zama da wannan, wani lokaci ma su riga masu tsegumin. A daren bikin Grammy na Fabrairun 2019, inda Travis Scott ya yi wasa, Nike ta saki 'yan kaɗan daga takalman nasa ba tare da sanarwa ba, wata uku kafin ranar sayarwa. Waɗanda suka rasa a daren su ne suka fi kowa ƙirga kwanaki a watan Mayu.

Sai ran Litinin ake sanin ko makon ya yi aiki. Ana duba kasuwannin sake sayarwa irin su StockX. Na Travis Scott ya haura dala dubu a can, ninki biyar da ɗoriya na kuɗin shago. Ana kuma duba lambobin da suka rage. Idan 42 da 43, waɗanda suka fi yawan masu sawa, suna nan zube bayan kwana biyu, to hotunan ne suka sami masu kallo, kuma nan da 'yan makonni za a ga takalmin a jerin kayan rangwame.