Duban Fatar Ido Kafin Ba Awaki Maganin Tsutsar Ciki

Tsutsar da ta fi kashe awaki da tumaki a ƙasashe masu zafi ita ce wadda masana ke kira hemonkus. Siririya ce kamar zare, tsawonta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kuma tana zama ne a ɓangare na huɗu na cikin akuya, wato na ƙarshe kafin abinci ya shiga hanji. A nan take huda bangon ciki tana shan jini. Tsutsa ɗaya tana jawo asarar kimanin mililita 0.05 na jini a rana. Wannan bai taka kara ya karya ba, amma idan sun kai 5,000 a cikin dabba ɗaya, jinin da ke tafiya kullum ya kai rubu'in lita. Akuyar da ke cikin wannan hali takan yi kasala, ta riƙa zama a bayan garke, wani lokaci ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa. Sau da yawa ba ta yin zawo, shi ya sa mai ita ba ya zargin tsutsa sai ta kwanta.

Macen wannan tsutsa tana saka ƙwai dubbai a kowace rana, suna fita tare da kashin dabba. Idan akwai damshi da ɗumi, cikin mako guda ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun girma sun hau ciyawa. Akuya ta ci, bayan kimanin mako uku su ma sun fara saka nasu ƙwan. Saboda haka a ƙasar Hausa cutar ta fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Da rani zafi da bushewa suna kashe na waje, amma wasu ƙanana sukan lafe a bangon cikin dabba, su jira saukar ruwa ko lokacin haihuwa su farfaɗo.

Yadda tsutsa ke daina jin magani

Magungunan tsutsar ciki da ake sayarwa suna da sunaye barkatai, amma galibinsu dangi uku ne. Akwai dangin albendazol da fenbendazol, wato farin maganin da aka saba gani na ruwa ko na ƙwaya. Akwai lebamisol. Sai dangin aibamektin. Tsutsar da ta daina jin ɗaya daga cikin dangi, yawanci ta daina jin sauran 'yan uwansa, don haka sauya kwalba ko kamfani ba ya magance komai idan sinadarin bai sauya ba.

A cikin kowane tarin tsutsotsi akwai 'yan kaɗan da aka halitta da juriya ga magani. Idan aka ɗura wa garke duka magani a rana ɗaya, masu jin magani sun mutu, masu juriyar ne kaɗai suka rage. Su za su auri juna, su cika makiyaya da ƙwan da ya gaji halinsu. A maimaita haka kowane wata ko biyu, cikin 'yan shekaru maganin ya zama ruwa. Ba da maganin da bai kai ƙima ba yana ƙara saurin abin, domin yana barin har masu matsakaiciyar juriya su tsira. Kuma idan juriya ta kafu a wuri, da wuya maganin ya sake aiki kamar da, ko an daina amfani da shi shekaru.

Dabarar rage saurin wannan ita ce a bar wasu tsutsotsin da magani bai taɓa ba. Idan aka bar lafiyayyun awaki ba a ba su magani ba, tsutsotsin cikinsu masu jin magani za su ci gaba da zuba ƙwai, su rinjayi 'yan kaɗan masu juriya, su gauraya da su. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa ba tare da asara ba shi ne tsutsa ba ta rabuwa daidai a garke. Kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na dabbobi ne ke ɗauke da kashi 70 zuwa 80 na tsutsotsin. Aikin makiyayi shi ne ya gano waɗannan.

Katin FAMACHA

A Afirka ta Kudu, inda juriyar hemonkus ta addabi masu kiwon tumaki, likitocin dabbobi suka fito da wata hanya a shekarun 1990. An sa mata suna FAMACHA daga sunan Dakta Faffa Malan, wanda ya kawo shawarar, kuma ya yi aikin tare da Gareth Bath da Jan van Wyk. Tushenta mai sauƙi ne: launin naman cikin fatar ido ta ƙasa yana nuna yawan jinin da ke jikin dabba. An buga kati mai launi biyar. Lamba 1 ja ne sosai, 2 ja ne mai ɗan haske, 3 ruwan hoda, 4 ruwan hoda da ya koɗe ya kusa fari, 5 kuwa fari fat. An gwada launukan da awon jini a ɗakin bincike: a lamba 1 jajayen ƙwayoyi sun kai kashi 28 cikin ɗari na jinin ko fiye, a lamba 5 sun sauka zuwa 12 ko ƙasa. Dabbar da ke lamba 5 tana bakin mutuwa.

Ana dubawa a fili, cikin hasken rana, ba a cikin ɗaki ko da tocila ba. Mutum ɗaya ya riƙe akuyar. Mai dubawa ya sa babban yatsa ya rufe idon da fatar sama, ya ɗan danna ƙwayar idon a hankali, sannan da ɗaya babban yatsan ya ja fatar ƙasa. Naman ciki zai bulluƙo waje. A kara katin kusa da shi a kwatanta nan take, domin idan aka daɗe ana riƙe da ido a buɗe yakan yi ja ya ruɗi mai dubawa. A duba idanu biyu, a ɗauki wanda ya fi fari. Idan launi ya faɗa tsakanin lamba biyu, a ɗauki babbar lambar. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan fatar ƙasa kawai ba tare da dannawa ba, ko duban farar tantanin da ke kusurwar ido, wanda a kowace akuya fari-fari yake. Katin kansa yana koɗewa a rana, don haka ana ajiye shi a duhu, a sauya shi idan ya tsufa. Aiki da ka, ba tare da kati a hannu ba, yana kawo kuskure, kuma ya kamata malamin dabbobi ya nuna wa mutum yadda ake yi kafin ya fara.

Lamba 1 da 2 ba a ba su magani. Lamba 4 da 5 ana ba su nan take. Lamba 3 kuwa ana duba halinta: idan 'yar akuya ce, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko ramammiya, a ba ta. Haka kuma idan fiye da ɗaya cikin goma na garken sun faɗa lamba 4 da 5, a haɗa da duk masu lamba 3. Da damina ana dubawa kowane mako biyu, da rani kuwa sau ɗaya a wata ko wata ɗaya da rabi ya wadatar.

Misali da garke mai awaki 20

A ɗauka mai jajayen awaki 20 ya duba su a watan Agusta. Goma sha biyu sun fito a lamba 1 da 2, biyar a lamba 3, biyu a lamba 4, ɗaya a lamba 5. Uku cikin 20 kashi 15 ne cikin ɗari, ya haura ɗaya cikin goma, don haka masu lamba 3 ma za su sha. Takwas ke nan aka ba magani, goma sha biyu aka bari. Mai lamba 5 ba za a kora ta kiwo ba. Za a ɗaure ta a inuwa, a ba ta ruwa da harawa da dusa, domin magani yana kashe tsutsa ne kawai, jinin da ya tafi sai abinci mai gina jiki ya mayar da shi cikin makonni.

Sai batun ƙima. Jikin akuya yana narkar da magani da sauri fiye da na tunkiya, don haka awon tunkiya ba ya isar ta. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a ninka awon tunkiya sau biyu a dangin albendazol da aibamektin, amma lebamisol sau ɗaya da rabi kawai, domin idan ya yi yawa yana sa dalala da rawar jiki, har ya kashe. Idan kwalbar albendazol mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari ta ce mililita 1 ga kowane kilo 5 na tunkiya, akuya mai kilo 25 za ta sha mililita 10, ba 5 ba. Wannan lissafi yana buƙatar a auna nauyi da sikeli, domin kintace da ido yakan gaza. Ana ɗura maganin ta baki, a kan bayan harshe, a hankali don kada ta shaƙe. Ba a ba akuya albendazol a farkon ciki, domin yana iya lahanta ɗan tayi. Kwanakin da kwalba ta ce a jira kafin yanka ko shan nono, a ƙara a kansu tunda an ƙara ƙima, kuma likitan dabbobi ne zai faɗi adadin.

Bayan mako biyu a sake duba garken duka. A rubuta lambar kowace akuya, ko a ɗaura wa wadda aka ba magani zare a wuya. Idan damina ta ƙare aka ga guda biyu ko uku ne kullum ke komawa lamba 4, alhali abinci ɗaya suke ci da sauran, su ne ke cika makiyaya da ƙwai, kuma raunin yana bin jini zuwa 'ya'yansu. Irin waɗannan su ake fara kaiwa kasuwa, kuma ba a barin bunsuru mai wannan hali ya yi barbara.

Inda katin ya tsaya

Katin yana nuna ƙarancin jini ne, ba ya faɗin dalilinsa. Tsutsar hanta da awaki ke ɗauka a fadama, da sammore, da yawan kaska ko ƙwarƙwata, da yunwar ƙarshen rani, duk suna farar da ido. Ƙura, zazzaɓi ko ciwon ido kuma suna iya ja da idon dabbar da jininta ya yi ƙasa. Akwai kuma tsutsotsin hanji da ke sa zawo da rama ba tare da shan jini ba, waɗanda katin ba ya ganinsu. Saboda haka ana haɗa duban ido da shafa baya don jin ƙiba, da duban haɓa, da gindin wutsiya, da yanayin gashi.

Idan an ba da cikakken awo amma ido bai fara gyaruwa ba, ko dai ba tsutsa ba ce, ko maganin jabu ne ko ya lalace, ko kuma tsutsar ta daina jin sa. Hanyar tantancewa ita ce a kai kashin dabbobi asibitin dabbobi a ƙirga ƙwan tsutsa ranar ba da magani, a sake ƙirgawa bayan kwana 10 zuwa 14. Maganin da ke aiki yana rage ƙwan da kashi 95 cikin ɗari ko fiye. Ƙasa da haka alama ce ta juriya, kuma lokaci ya yi da za a koma wani dangin magani bisa shawarar likita.

Yadda ake kiwo yana rage buƙatar maganin tun daga tushe. 'Ya'yan tsutsa suna taruwa ne a ƙasan ciyawa, kusa da ƙasa, don haka akuyar da ke cin ganyen bishiya ko ake rataye mata abinci ba ta kwasar su da yawa. Wadda aka ɗaure a turke ɗaya duk damina kuwa tana cin ciyawar da ta yi kashi a kai, shi ya sa ake matsar da turke kowane kwana uku ko huɗu, kafin ƙwan ya zama abin kamuwa. Sabuwar akuyar da aka sayo a kasuwa ita ce ba a jiran katin a kanta: ana ware ta, a ba ta magani daga dangi fiye da ɗaya, a share kashinta na 'yan kwanaki kafin ta shiga garke, domin ta wannan hanya ce tsutsa mai juriya ta fi shiga gidan da ba ta.