Kafin a kira mai fenti: yadda ake tantance sunan shago a kundin CAC

A Dambatta da Makoɗa, mai buɗe shagon taki yakan sa a rubuta masa allo kafin ya nemi rajista. Kuɗin fentin na iya salwanta, domin sashe na 852 na dokar kamfanoni ta 2020 ya hana rajistar sunan da ya yi daidai da wanda ke kundin hukumar CAC, ko ya yi kama da shi har ya ruɗi jama'a.

Kundin na ƙasa baki ɗaya ne, don haka shagon Legas na iya tare wa na Dambatta hanya. Mai son sunan Alheri sai ya yi binciken kyauta a shafin hukumar, ya gwada `Alheri`, `Alkhairi` da `Al-Khairi`. Rashin ganin sunan ba amincewa ba ne, sai hukumar ta keɓe masa shi na kwana 60.