Hoton Sakamakon Talla: Riba Aka Ci Ko Ciniki Kawai Aka Yi?

A ce mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta ba wani yaro kuɗi ya yi mata talla a Facebook. Bayan mako biyu ya turo mata hoton allon Ads Manager, yana cewa Hajiya, talla ta yi kyau. Kafin ta ƙara masa ko sisi, akwai lissafin da za ta iya yi da kanta.

Ta fara neman Amount spent, wato abin da aka kashe. A ce Naira 60,000 ne. Kusa da shi akwai Link clicks, adadin dannawar da ta kai mutane wajenta, a ce 1,200. Idan ta raba 60,000 gida 1,200, kowace dannawa ta ci Naira 50. Sai dai ta kula, akwai wani layi mai suna Clicks (all), wanda ke haɗawa har da masu buɗe hoto su kalla su wuce. Shi ya fi yawa, don haka duk wanda ya raba da shi zai ga araha ta ƙarya.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne layin Results. Yawancin cinikinmu a WhatsApp ake ƙulla shi, a biya ta banki, Facebook kuwa bai ga wannan ba. Idan aka rubuta 150 a wurin, ƙila masu turo saƙo ne kawai, irin masu tambayar nawa ne su yi shiru. Adadin masu saye yana cikin littafin cinikinta, kuma dole ta ƙirga na ranakun da ke saman hoton kaɗai. A ce mutum 20 ne tallar ta kawo, kowa ya ɗauki turmi guda. An kashe Naira 3,000 ke nan kafin a sayar da kowane turmi.

Idan turmi Naira 12,000 ne, ciniki ya kama 240,000. A raba shi da 60,000, a samu 4, abin da masu talla ke kira ROAS: kowace Naira ta jawo cinikin Naira huɗu. Da daɗin ji, amma ciniki daban, riba daban. Idan ribar turmi 2,500 ce, turmi 20 sun kawo 50,000, alhali talla ta ci 60,000. An taɓa uwar kuɗi da 10,000, tun ba a sa ladan yaron ba.

Don haka ni a ganina tun kafin a saki talla ya kamata ta raba farashin turmi da ribarsa. Ga wannan atamfa, 12,000 gida 2,500 ya ba da 4.8, kuma duk ROAS da ya gaza haka faɗuwa ce, sai fa idan masu sayen sun dawo daga baya ba tare da sabuwar talla ba.