Shekarun takarda da shekarun jiki: me gwajin ƙashi yake iya faɗa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon ƙwallon yamma a wajen Ƙofar Dukawuya ya san wannan gardamar. Sai a shigo da wani dogon yaro mai faɗin ƙirji, ’yan ɗaya ɓangaren su ce ba su yarda ba, wannan ai ya girme su. Shi kuma ya rantse cewa shekararsa 16, ajinsu ma ɗaya da mai tsaron gidansu. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, yana iya yiwuwa duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya. Akwai shekarun da ake ƙirgawa daga ranar haihuwa, akwai kuma matakin da jiki ya kai na girma ko tsufa, wanda masana ke kira shekarun jiki. Ba kullum suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba.

Wannan gardama ta filin unguwa ita ce ta kai har gaban hukumar FIFA. A 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin Gasar Kofin Duniya ta ’yan ƙasa da shekara 17, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, hukumar ta shigo da gwajin wuyan hannu da na’urar MRI. Kafin a fara gasar, Najeriya ta sallami ’yan wasa 15 daga sansaninta. A watan Agustan 2016 kuma ’yan wasa 26 ne suka faɗi gwajin ana dab da karawa da Nijar a wasan share fage, kuma Nijar ɗin ce ta yi waje da Najeriya.

To me na’urar take dubawa? Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu akwai ƙasusuwa biyu. Wanda yake ɓangaren babban yatsa yana da wani siririn layi na guringuntsi kusa da ƙarshensa, kuma daga nan ne ƙashin yake ƙara tsawo. Idan yaro ya balaga, guringuntsin yakan riƙa rikiɗewa zuwa ƙashi a hankali har layin ya ɓace. Ana ɗaukar hoton hannun hagu, likita ya duba ya sa shi a ɗaya daga matakai shida. Mataki na ɗaya yana nufin layin a buɗe yake sarai, na shida kuma ya rufe ruf. Wanda aka samu a mataki na shida, an cire shi daga gasar.

Dalilin da aka dogara da shi wani bincike ne da Jiri Dvorak, babban likitan FIFA na lokacin, da abokan aikinsa suka wallafa a 2007. Sun duba samari 496 masu shekara 14 zuwa 19, waɗanda aka tabbatar da ranar haihuwarsu, daga Suwizalan da Maleshiya da Aljeriya da Ajantina. A cikin masu shekara 16, mutum ɗaya tak aka samu layinsa ya rufe, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ke nan. Daga nan aka samo maganar da ake yawan yi cewa gwajin yana da ingancin kashi 99 cikin ɗari.

Amma a duba abin da adadin yake nufi. Cewa yake yi da wuya ɗan shekara 16 ya kai mataki na shida. Bai ce duk wanda bai kai mataki na shida ba yaro ne. A wannan binciken dai, mafi yawan masu shekara 18 da 19 layinsu bai gama rufewa ba.

Mu ɗauki misalin samari biyu daga unguwa ɗaya da suka je gwajin shiga ƙungiya. Na farko shekararsa 16 da wata huɗu, amma ya balaga da wuri, hotonsa ya nuna mataki na shida. Za a sallame shi, kuma ya dawo gida ana yi masa kallon wanda ya rage shekaru. Na biyu ya cika 19, sai dai jikinsa mai jinkirin girma ne, hotonsa ya tsaya a mataki na biyar. Shi zai wuce. Na’urar ba ta yi kuskure a kan ko ɗaya ba, ta faɗi halin da ƙashi yake ciki. Mu ne muka tambaye ta ranar haihuwa, abin da ba a rubuce yake a ƙashi ba. A ganina ma akwai wani giɓin: babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya a cikin huɗun nan, alhali abinci da gado suna da tasiri a kan lokacin balaga. Ga ’yan mata kuwa, layin yakan rufe tun da wuri, don haka ma’aunin samari bai dace da su ba.

Gwajin ƙashi yana daina amfani da zarar girma ya tsaya. Ga manya, abin da ake ta yayatawa yanzu shi ne agogon ƙwayar halitta. A jikin DNA akwai wurare da wasu ƙananan sinadarai, da ake kira metil, suke maƙalewa, suna taimakawa wajen kunna wasu umarnin ƙwayar halitta ko kashe su. Yayin da mutum yake tsufa, wasu wuraren sukan ƙara samun metil, wasu su rage. A 2013 Steve Horvath na Jami’ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya nazarci samfura kusan 8,000, ya zaɓo wurare 353 waɗanda idan aka haɗa lissafinsu sukan ba da shekarun mai samfurin. A rabin samfuran da aka gwada, kuskuren agogon bai wuce shekara 3.6 ba, a sauran rabin kuwa ya wuce haka.

Wannan babban aiki ne ga mai nazarin dubban mutane, domin an ga cewa, a jimlace, waɗanda agogonsu yake gaba da shekarunsu sun fi fuskantar haɗarin mutuwa da wuri. Amma ga mutum ɗaya, tazarar ta yi faɗi. Agogon da zai iya ce wa ɗan shekara 16 yana da 13 ko 20 ba zai raba gardamar Dukawuya ba. Kamfanonin da ke sayar da gwajin a ƙasashen waje ba su cika jaddada cewa samfurin jini ɗaya, idan aka auna shi sau biyu, yana iya ba da amsoshin da suka bambanta da shekaru ba.

Haka abin yake da “shekarun ƙarfin jiki” da wasu agogunan hannu suke nunawa. Abin da suke ƙiyastawa shi ne yawan iskar da jiki ke iya amfani da ita a lokacin gudu, sannan su kwatanta da matsakaicin mutane masu shekaru daban-daban. Malamin motsa jiki zai iya auna kusan abu ɗaya a filin makaranta da gwajin da Kenneth Cooper ya fito da shi a 1968: a yi gudu na minti 12, a auna nisan, a cire 504.9 daga adadin mitocin, a raba da 44.73. Mai mita 2,400 zai samu kusan 42, mai mita 2,800 kuma kusan 51. Ɗalibin da ya yi wata uku yana atisaye zai iya ɗaga makinsa, agogon ya ce ya “rage shekaru”, alhali zuciyarsa da huhunsa ne suka ƙara ƙwari.

Ranar haihuwa dai takarda ce kaɗai take riƙe ta, wato shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, musamman wadda aka yi tun yaro yana jariri. Wadda aka yi da takardar rantsuwar kotu ana saura mako guda a tafi gwajin ƙungiya, ita ce irin wadda ta sa FIFA ta koma duba wuyan hannu.