Yadda Ake Gane Yawan Ƙarfe A Ruwan Rijiya

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san yadda mai shayi kan ɗaga kofi ya dubi launi, ya ce ganye ya yi yawa ko ya yi kaɗan. To, abin da masana kimiyya ke yi ke nan, sai dai su da na'ura suke dubawa, su sami lamba.

A ce an ɗebo ruwa daga wata rijiya a Kahu, wanda in ya kwana a bokiti yakan bar jan tsatsa. Ana son a san ƙarfe nawa ke cikinsa. Da fari sai a ɗiga masa asid don tsatsar ta narke, a bi da sauran magungunan gwajin, har da wanda ake kira fenantirolin. Shi wannan da ya gamu da ƙarfe sai ruwan ya koma ruwan goro. Sa'an nan a zuba a 'yar kwalba, a sa cikin na'urar da ake kira kalorimita. Ita kuwa haske take harbawa ta cikin kwalbar, ta nuna yawan wanda ruwan ya shanye. Wannan lamba ita ce A. In ƙarfe ya ninka, A ma ta ninka. Ana jingina wannan ƙa'ida ga wani Bajamushe, August Beer, tun 1852.

Amma fa na'ura ba ta san miligiram ba, sai an yi mata ma'auni. Za a fara da tataccen ruwa marar ƙarfe, a sa masa magungunan nan, a daidaita na'ura a kan sifiri. Daga nan a haɗa ruwa kashi huɗu waɗanda aka san ƙarfensu: miligiram 0.5, 1, 2 da 3 a kowace lita. A ce sun ba da 0.10, 0.20, 0.40 da 0.60. Sai a ɗiga su a takardar giraf, ƙarfe a kwance, A a tsaye, a ja miƙaƙƙen layi da rula. Kowane miligiram ɗaya ya hau da 0.20 ke nan.

To, ruwan rijiyarmu ya ba da 0.72. Kada ka yi garajen tsawaita layi! Ya wuce inda ka gwada, kuma in launi ya yi duhu ainun layin yakan lanƙwashe. Ɗebi sabon ruwan mililita 25, ka ƙara tataccen ruwa ya cika 50, ka sāke gwajin. Yanzu ya nuna 0.36. Bi daga 0.36 har ka taɓa layi, ka gangaro ƙasa, za ka faɗa kan 1.8, watau 0.36 ÷ 0.20. Da yake ka sirka rabi da rabi, sai ka ninka biyu: miligiram 3.6 a lita. Nan ne da yawanmu ke faɗuwa a jarrabawa, don mantuwar ninkawa. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta tsaya a 0.3, ka ga wannan ruwa ya ninka ta sau 12.

A kuma lura da gurɓataccen ruwa da shatin yatsa a jikin kwalba. Duka biyu suna tare haske, na'ura ta lissafa su a kan ƙarfe. In ɗigo ɗaya ya kauce wa layi, kada ka karkata rula dominsa. Goge kwalbar, ka sāke haɗa wannan kashi.