Kafin Ka Zuba Kuɗi a Sana'ar Wani: Ma'aunai Uku da Ke Tona Cikin Takarda

Tun da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin Najeriya na kan tudu a watan Agustan 2019, injinan casar shinkafa suka yawaita a jihar Kano, musamman a Kura da garuruwan da ke shan ruwan madatsar Tiga. An buɗe iyakokin a Disambar 2020, amma harkar ba ta tsaya ba. Har yau masu 'yan kuɗi a hannu, daga ɗan kasuwar Kwari zuwa ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, suna samun baƙi ɗauke da takardun tsarin kasuwanci, ana neman su shigo da jari.

Irin wannan takarda mai neman kuɗi ne ya rubuta ta, don haka ba abin mamaki ba ne idan ta fito da sana'ar cikin kyakkyawar shiga. Nauyin bincike yana wuyan mai kuɗi. A yarjejeniyar mudaraba, wadda bankunan Musulunci irin su Jaiz ke aiki da ita, riba ake rabawa bisa kason da aka amince, asarar kuɗi kuwa mai jari ke ɗauka, in dai ba a samu sakaci ko ha'inci daga mai juya kuɗin ba. Akwai ma'aunai uku da akantoci da ma'aikatan banki ke fara dubawa, kuma duk wanda ya iya rabawa da ɗebewa zai iya lissafa su da kansa.

A ɗauka wani mai ƙaramin injin casa ya kawo wa kawunsa takarda. Yana neman naira miliyan 20 don sayen sabon inji mai cire tsakuwa da gina rumfa, a raba riba biyu. Takardar ta ce za a yi cinikin miliyan 120 a shekara, a sayi shanshera ta miliyan 84, sauran kashe-kashe su ci miliyan 22, a tashi da riba miliyan 14. Alƙaluman nan na misali ne, amma hanyar karanta su ɗaya ce a kowace takarda.

Ma'auni na farko shi ne kason ribar farko. Ana ɗaukar kuɗin ciniki, a cire abin da aka kashe wajen samar da kayan da aka sayar, sannan a raba ragowar da kuɗin cinikin. A takardar nan, 120 a cire 84 ya bar 36, a raba da 120 ya ba da kashi 30 cikin ɗari. Ma'ana, a kowace naira 100 da ta shigo, naira 30 ce ke saura don biyan haya da albashin ofis da riba. Idan mai takarda ya ce ribarsa kashi 43 ce, to da kuɗin saye ya raba, wato 36 bisa 84, yadda aka saba lissafi a kasuwa. Lissafin ba ƙarya ba ne, sai dai ba shi ake nufi da wannan ma'auni ba, kuma kwatanta ɗaya da ɗaya na ruɗar da mutum.

Tambayar da ta kamata kawu ya fara yi ita ce: me aka sa a cikin kuɗin samar da kaya, me aka bari a waje? Shanshera ba ta zama shinkafar ci da kanta. Sai an ɗauko ta daga gona ko kasuwa, an turara ta da itace, an shanya, an casa da wuta ko dizal, an zuba a buhu, an biya 'yan dako da masu aikin inji. Duk waɗannan suna ƙaruwa ne da ƙaruwar buhunan da aka casa, saboda haka gurbinsu yana tare da kuɗin shanshera. Da kawu ya bi miliyan 22 ɗin nan layi-layi, sai ya ga miliyan 12 daga ciki irin waɗannan kuɗaɗe ne. Ya mayar da su inda suka dace, kuɗin samar da kaya ya koma miliyan 96, kason ya sauko zuwa kashi 20. Ribar ƙarshe ba ta canza ba, amma yanzu ya san cewa kason ribar farko ya fi yadda aka nuna masa ƙanƙanta. Wanda ya tuna yadda kuɗin wutar masu rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 ya san cewa irin waɗannan kuɗaɗe na iya ninkawa cikin dare ɗaya.

Akwai wani adadi da ya fi wannan nauyi, kuma sau da yawa a ƙasan shafi yake ɓoye: kilo nawa na shinkafa ake samu daga kilo 100 na shanshera? Takardar ta gina cinikinta kan kilo 70. Ɓuntu kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera, ga dusa, ga tsakuwa da ƙasa, ga danshin da ke fita wajen shanya. Kilo 70 iyakar abin da inji mai kyau ke bayarwa ke nan da shanshera mai tsabta, ƙananan injina kuwa sukan tsaya ƙasa da haka. Idan littafin injin na bara ya nuna kilo 63, cinikin ya ragu da kashi 10, ya koma miliyan 108, alhali kuɗin da aka kashe yana nan a 96. Ribar farko ta zama miliyan 12, kason ya koma kashi 11. Kuɗin dusa da karyayyar shinkafa zai iya cike wani abu, amma sai an rubuta shi da yawansa da farashinsa kafin a dogara da shi.

Ma'auni na biyu yana duba ko sana'ar za ta iya biyan bashin da ke gabanta. Ana tara duk abin da ake sa ran zai zama tsabar kuɗi cikin shekara guda, a raba da bashin da dole a biya cikin shekarar. Injin yana da miliyan 2 a banki, yana bin 'yan sari miliyan 8, yana da kaya na miliyan 14 a sito, jimla 24. Ana binsa miliyan 7 na dillalan shanshera da miliyan 3 na rance, jimla 10. Sakamako 2.4. Tsohuwar ƙa'idar masu ba da rance tana son a ga naira biyu a gaban kowace naira ta bashi, don haka a ido wannan adadi ya yi kyau.

Amma dillali ba ya karɓar adadi, kuɗi yake karɓa. A cire kayan sito, tunda sai an casa an sayar kafin su zama kuɗi, ma'aunin ya koma 1. A nemi jerin sunayen waɗanda ake bi bashi da ranar da kowa ya ɗauki kaya. Idan miliyan 3 daga ciki sun haura wata shida ba a biya ba, abin da za a iya dogara da shi miliyan 7 ne a gaban bashin miliyan 10, wato 0.7. In kuma dillalan nan mako biyu suka bayar, to injin da takarda ta ce yana da ƙarfi yana da miliyan 2 ne kacal a hannu da zai fuskanci miliyan 7. A irin wannan hali ne sabon jarin da aka karɓa don sayen inji ke zurarewa zuwa biyan tsohon bashi.

Wannan ma'auni na rana ɗaya ne, kuma ana iya yi masa kwalliya. Mai inji na iya biyan miliyan 2 na bashi ana gobe za a rufe lissafi, sai ya zama 22 bisa 8, ma'aunin ya hau 2.75, alhali babu ko sisi a asusunsa. Lokaci ma yana da tasiri, domin lissafin da aka ɗauka da kaka, sito cike, ba zai yi kama da na tsakiyar damina ba. Ya kamata kawu ya nemi bayanan asusun banki na wata goma sha biyu, ya shiga siton da kansa ya ƙirga buhuna, ya kuma tambayi bashin da ba ya shiga takarda, kamar adashi da rancen dangi.

Ma'auni na uku shi ne ribar jari: riba ta shekara a raba da kuɗin da aka zuba. Takardar ta raba miliyan 14 da miliyan 20, ta rubuta kashi 70 da manyan baƙaƙe. Matsalar tana ƙasan lissafin. Sabon inji shi kaɗai ba zai samar da ribar ba, sai da miliyan 14 da ke juyawa a kaya da bashi, wato 24 ɗin nan a cire 10. Jarin da ke aiki miliyan 34 ne, ribar jarin kuwa kashi 41. Shi kansa kawu rabin riba zai karɓa, miliyan 7 kan miliyan 20 da ya zuba, kashi 35, in komai ya tafi yadda aka rubuta.

Idan aka yi aiki da kilo 63, ribar ƙarshe ta sauko daga miliyan 14 zuwa 2. Rabon kawu miliyan ɗaya ne, kashi 5 cikin ɗari. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a shekara. A shekara irin wannan, kashi 35 ma da ƙyar ya riƙe darajar kuɗin, kashi 5 kuwa asara ce ko da an kira ta riba. Dole kuma a tambaya ko an cire tsufan inji da albashin shi mai injin kafin a kai ga ribar, da kuma ko adadin na shekarar farko ne ko na shekara ta uku, lokacin da aka ɗauka inji zai riƙa aiki kullum.

Duk wannan bai nuna mai takarda maƙaryaci ne ba. Yawanci fata ne ya yi masa yawa, kuma injin na iya zama sana'a mai kyau in aka gyara lissafin. Abin da ya rage wa kawu shi ne ya mayar da takardar tare da buƙatu uku: littafin casa na bara da ke nuna nauyin da ya shiga da wanda ya fito, jerin masu bashi da kwanan wata, da sabon lissafin riba da aka gina kan kilo 63. Idan rabonsa a sabon lissafin bai wuce hauhawar farashi ba, ya nemi a ƙara masa kaso ko a rage kuɗin da ake nema, kuma kada ya sa hannu sai an kawo masa waɗannan takardu uku.